Ruwa ya shiga gidan abokinmu tela a Tudun Wada: yadda muka bi lamarin na kwana 40

Waye shi, kuma ina gidan yake

Abokina ne tun muna firamare, ba zan kama sunansa ba don ko wannan rubutun sai da na nemi izininsa, ya ce in rubuta amma kar in sa suna kar in sa hoto. Tela ne, ɗinkin maza yake yi, yana da mata ɗaya da yara huɗu, ga kuma mahaifiyarsa Hajiya da ke zaune tare da su. Gidan haya ne a can ƙasan Tudun Wada ta wajen Bashama, ciki da falo da wani ɗan ɗaki na Hajiya, sai shago a bakin ƙofa inda yake da keke biyu, ɗaya na ƙafa ɗaya mai mota. A tsakar gidan akwai rijiya ɗaya da duk 'yan haya ke ɗiba, masai kuma yana can ta kusurwa, tsakaninsa da rijiyar bai fi taku goma sha biyu ba.

Duk ɗan Kaduna ya san yadda Kogin Kaduna yake yi daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Satumba. Kogin daga tsaunukan Jos yake tasowa, shi ya sa wani lokaci sai ka ga ba a yi wani ruwan kirki a cikin gari ba amma kogi ya cika ya batse, ruwan da aka yi can sama ne ya iso. Manya har yanzu suna ba da labarin ambaliyar Agustan 2003, kuma unguwannin da abin ke taɓawa kusan su ne dai kullum, Kigo, Bashama, Nasarawa, Rafin Guza, wani ɓangare na Unguwan Rimi. Shi abokina shekararsa shida a gidan, sau biyu ruwa na zuwa bakin ƙofa ya koma, to sai ya ɗauka iyakarsa ke nan. Ni kuwa a Kawo nake, can kan tudu, ban taɓa kwana cikin fargabar kogi ba.

Daren Lahadi, 8 ga Satumba

Wajen ƙarfe 2 na dare matarsa ta sauke ƙafa daga gado ta ji ruwa. Kafin su gama tashin yara ya kai gwiwa. Shi ya goya Hajiya, matar ta ɗauki ƙaramin, manyan suka riƙe rigarta, haka suka fita da kayan jikinsu kawai. Wayarsa tana aljihu ta sha ruwa ta mutu. Sun ƙarasa daren a barandar wani masallaci da ke sama da layinsu, da gari ya waye suka wuce gidan yayarsa a Rigasa. Ba wanda ya rasu, ba wanda ya ji ciwo, ruwan kuma ya janye kafin la'asar ɗin Litinin.

Litinin 9 ga wata: waya da jaje

Da safe na ga bidiyon unguwarsu yana yawo, na kira shi ya fi sau goma a kashe. Sai wajen azahar na same shi ta wayar wani maƙwabcinsa. Na ce mutumina ya muka ji da wannan abu, Allah Ya mayar da alheri. Ya ce "Alhamdulillahi wallahi da sauƙi, namu ma ba komai ba ne in ka ga na wasu." Na ce to in akwai wani abu da kake buƙata ka faɗa min kar ka ji komai. Ya ce "ba komai, na gode, addu'a dai." Na kashe waya hankalina ya kwanta, har na shiga gurup ɗinmu na 'yan aji na rubuta cewa na yi magana da shi, abin ya zo da sauƙi.

Bayan la'asar mu bakwai muka cika mota biyu muka je jaje. A ƙofar gida muka same shi zaune kan turmi, sanye da wata riga da hannunta bai kai masa wuyan hannu ba, daga gani ta aro ce. Muka tsaya a waje, aka yi addu'a, kowa ya faɗi nasa Allah Ya kiyaye gaba, Allah Ya sa iyakarsa ke nan. Ba wanda ya shiga ciki, laka ce ko'ina kuma dukkanmu da fararen kaya. Ya aiki yaro ya sayo mana ledar fiya wata, daga baya na gano da kuɗin da wani ya damƙa masa minti biyar kafin nan ya saya. Minti 20 muka yi muka tafi.

Talata da Laraba: gudummawar gurup da buhunan kaya

Ranar Talata ciyaman ɗin gurup ya buɗe gudummawa. Don a zaburar da mutane, wani daga cikinmu da ya koma shi kaɗai ya ɗauki hoton cikin ɗakin ya saka, ana ganin gadon matar da kwanukanta da kayan sawarta cikin laka, ya rubuta a ƙasa cewa a taimaka wa bawan Allah. Gurup mai mutum sama da 80, kuma kafin dare hoton ya fita zuwa wasu gurup ɗin. Sai aka fara jera suna da abin da kowa ya bayar, wane dubu biyar wane dubu biyu. Da daddare ya ari waya ya kira ciyaman ya ce don Allah a goge, shi bai roƙi kowa ba, kuma a mayar wa mutane kuɗinsu. An tara naira 64,000 a lokacin, abin ya tsaya cak, ba a ba shi ba ba a mayar ba.

Laraba kuma matanmu suka haɗa tsofaffin kaya buhu uku aka aika. Niyya mai kyau ce, amma ba wanda ya tambayi shekarun yaran. An samu rigunan sanyi da leshi na zuwa biki da takalman manya, ba a samu wando ko ɗaya da ya yi wa yaronsu mai shekara 9 daidai ba, kuma ga shi ba su da busasshen wurin da za su ajiye buhu uku. A zauren gidan aka jingine su, ƙasansu ya jiƙe.

Alhamis 12 ga wata: na koma ni kaɗai

Abin da ya sa na koma shi ne rigar aron nan, ta tsaya min a rai. Da sassafe na sa tsohon wando da takalmin roba na hau mashin, ban gaya masa ina zuwa ba. Da na isa ban tsaya a ƙofa ba, na ce mutumina yi min iso zan shiga. Ya ɗan yi jim sannan ya shiga ya fito ya ce bismillah.

Warin ne ya fara tarbata, ba warin laka kaɗai ba, da na masai a ciki. A jikin bango akwai layi ja inda ruwa ya tsaya, na karɓi tef ɗinsa na awo na gwada, inci 34 daga ƙasa. Duk soket ɗin gidan suna ƙasa da wannan layin, har da wanda keke mai mota ke jone. Katifu biyu suna kan rufin kwano ana shanya. Rabin buhun masara da suka saya don damina ya kumbura ya fara tsami. Abin da ya fi ba ni tsoro, ga tabarmi a shimfiɗe a falo kan siminti mai danshi, ashe tun daren Laraba suka dawo suna kwana a nan, don gidan yayar ɗaki biyu ne kuma ita ma da nata yaran, shi kuma ya ji nauyin surukinsa.

A nan ne na daina tambayar me kake buƙata. Na ce ina kuka kwana jiya, ya nuna tabarma. Na ce me yara suka karya da shi, ya ce ƙosai aka sayo don risho ya sha ruwa, itace kuma duk a jiƙe. Na ce wane ruwa kuke sha, ya nuna wani baho, ruwan rijiyar ne aka jefa masa alif ya kwanta ya yi fari tas. Na ce ina maganin hawan jinin Hajiya, ya yi shiru, ya ce ruwa ya tafi da shi, kwana huɗu ke nan ba ta sha ba. Duk tambayar da na yi masa mai amsa ɗaya sai ya amsa min gaskiya, ba ɓoye-ɓoye. Shi dai ba zai iya buɗe baki da kansa ya ce ba ni ba.

Na kira matata na ce ta bar abin da take yi ta taho. Ta shiga wajen matarsa suka rufe ƙofa kusan awa ɗaya. Da muka fito take gaya min abubuwan da ni ko shekara zan yi ban ji su ba. Matar ba ta da kayan ciki ko ɗaya sai na jikinta, babbar 'yarsu tana al'ada ba auduga, ƙaramin yaron mai shekara 2 tun tsakar dare yake zawo ya yi sau biyar, uban bai ma san ya kai haka ba. Sai kuma ta ce, "Ta ce in gaya maka amma kar ka nuna daga wajenta ka ji, kayan mutane da ke shago duk sun lalace, shi ya hana shi barci, ba gidan ba."

Yaron da ruwan sha, Alhamis zuwa Asabar

Wannan muka fara da shi don ba ya jira. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta, ruwa zai yi fari kamar na famfo amma abin da masai ya zubo a rijiya yana nan ciki. Kuma rijiyar da ambaliya ta rufe bakinta, ga masai a kusa, ba sai an kai ruwan gwaji ba kafin a daina sha. Muka zubar da na bahon. Na sayo jarka biyu daga wajen 'yan ga-ruwa na wata borehol da ke sama inda ruwa bai kai ba, na ari risho daga gidana, aka ce duk ruwan da za a sha ko a wanke kwanon yaro da shi sai ya tafasa sosai yana ɓararraka na aƙalla minti ɗaya.

Yaron kuma muka haɗa masa ruwan gishiri da sukari na leda, aka dama yadda aka rubuta a jiki, aka dinga ba shi da cokali kaɗan-kaɗan, sannan muka kai shi ƙaramin asibitin unguwa. Ma'aikaciyar ta duba idonsa ko ya faɗa, ta ja fatar cikinsa ta saki ta ga ta koma da sauri, ta tambayi yaushe ya yi fitsari, sannan ta tambayi kalar zawon, ko fari ne kamar ruwan wankin shinkafa, don shi ne alamar kwalara. Ba shi ba ne, alhamdulillahi. Ta ba da zinc na kwana 10 ta ce a ci gaba da ba shi abinci, in ya fara amai ba tsayawa ko ya ƙi sha ko ya yi laushi a dawo ko tsakar dare ne. A nan aka auna jinin Hajiya aka ga ya hau, aka mayar da ita kan maganinta. Zuwa Asabar zawon ya tsaya.

Daren Alhamis ɗin ba su kwana a gidan ba. Na ce masa Hajiya da mata da yara za su koma ɗakin baƙi na gidana na sati ɗaya, ban tambaye shi ko yana so ba, na ce Hajiya uwata ce ni ma, ba zan bar ta kan siminti ba. Ya ce shi zai zauna gadi don ɓarayi sun fara bin gidajen da aka bari. Wannan gaskiya ne, na bar shi, amma na kawo masa benci biyu da gidan sauro.

13 zuwa 18 ga wata: aikin gidan

Na koma wajen ciyaman na ce a goge jerin sunaye, a daina maganar a gurup, duk mai son ƙari ya turo ta gefe. Da aka yi haka mutanen da suka ji kunyar a ga dubu ɗayansu a jeri suka turo, kuɗi ya kai 171,000. Ba mu kai masa a ambulan ba. Na same shi na ce kuɗin nan ba zan ba ka ba tunda ka ce ba ka so, amma mai gyaran wuta zai zo gobe, masu yasar rijiya jibi, kuma an riga an biya su. Ya yi dariya ya ce "kai dai ba ka da dama." Bai hana ba.

Wuta muka fara. Tun ranar ambaliya ba wuta a layin, to amma ana iya dawo da ita kowane lokaci, shi kuma bai cire fis ba. Mai gyaran ya fara da raba gidan da layin waje, sannan ya kwance soket ɗaya ya nuna mana, cikin akwatin cike da laka, ruwa na ɗiga daga bututun wayar kwana biyar bayan ruwa ya janye. Ya canza soket takwas da makunni biyu, ya bar akwatunan a buɗe kwana uku su sha iska, ya gwada da na'urarsa kafin ya yarda a mayar da wuta. Firij da talabijin ya ce kar a kuskura a jona sai mai gyara ya buɗe. Talabijin ta tashi, firij bai tashi ba.

Rijiya kuwa sai da muka nemi mai gidan, ya ce shi ba shi da kuɗi a hannu amma a yi a cire rabi daga haya. Masu yasa suka kwashe ruwan da injin, suka shiga suka kwaso laka da ledoji har da mataccen ɓera, suka goge bango, da ruwa ya taru aka zuba sinadarin kilorin aka rufe kwana ɗaya cur, sannan aka sake janyewa har warin ya tafi. Aka ƙara mata baki da bulo layi biyu aka sa murfi. Duk da haka mun ce na wanki da wanka ne, na sha sai an tafasa.

Sharar ɗakuna mu biyar muka yi ranar Asabar, cikin waɗanda suka zo jaje da fararen kaya har da uku. An kwashe laka da shebur, an wanke da omo da burushi, sannan aka bi da bilic, kofi ɗaya a bokitin fenti mai lita 20, taga da ƙofa a buɗe. Wani ya so ya haɗa bilic ɗin da ruwan wanke masai wai ya fi ƙarfi, matata ta ƙwace, haɗa su yana tayar da iska mai shaƙe mutum. Masara da sauran garin tuwo da duk abincin da ruwan ya taɓa aka zubar. Hajiya ta so a shanya masarar a ba kaji, an bar ta da wannan maganar amma ba a yi ba.

Kuskure biyu muka yi a nan, kuma dukkansu nawa ne. Na farko katifu. Na ce tunda sun sha rana kwana shida a mayar da su, sama ta bushe ƙarau, amma da aka kwana ɗaya a kai sai danshi ya taso da wari, soso ya riga ya sha ruwan masai har tsakiya. Dole aka yar, aka sayi sabuwa ɗaya da tabarmi masu kauri. Na biyu ledar ƙasa. Don in ga ɗaki ya yi kyau kafin iyalinsa su dawo na sa aka shimfiɗa sabuwar leda ranar Litinin. Bayan kwana huɗu aka ɗaga gefe, ƙasa jiƙe sharkaf, baƙin fumfuna ya bi gindin bango. Siminti da bulo suna riƙe ruwa sati-sati, balle a Satumba da ake ruwa kusan kullum. Aka naɗe ledar, aka sake wankewa da bilic, aka bar ƙasa tsirara har Oktoba.

Takardu kuwa kafin in zo ya riga ya yi ƙoƙarin ɓare su suna manne, takardar haihuwar yara biyu ta yage, tawadar rasit ɗin haya ta wanke. Sauran muka shimfiɗa ɗaya-ɗaya a inuwa kan busasshen zani, ba a rana ba, yawancinsu sun tsira duk da sun yi tabo. Waɗanda suka lalace ya je ya yi rahoton 'yan sanda da takardar rantsuwa a kotu don neman wasu. Na kuma raka shi wajen mai unguwa aka sa sunansa a jerin da ake haɗawa don SEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, da farko ya ce ba sai ya je ba.

19 ga wata zuwa ƙarshen Satumba: keke da kayan mutane

Keken ƙafa bai ba da wahala ba. Mai gyara a Kasuwar Barci ya kwance kan, ya wanke da kalanzir, ya goge tsatsa, ya sa mai, ya canza ƙoshiya da bel. Ya ce da an kawo shi tun kwana na biyu da ko ƙoshiyar ba za a canza ba, tsatsa ce ta ci ta. Motar ɗaya keken ta tafi, sai sabuwa.

Maganar kayan mutane na jira har ya kawo da kansa bai kawo ba. Na lura sabuwar wayar da muka saya masa tana ƙara yana kifa ta. Ranar Alhamis muna zaune a shago na ce mutumina kayan mutum nawa ne a nan ranar da ruwa ya shigo. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya jawo wata jaka daga ƙarƙashin tebur ya zazzage. Na mutum 11 ne, shadda da yadi, fararen sun koma ruwan ƙasa, wata shuɗiya ta zuba a jikin farare uku, biyar daga ciki na anko ne na wani biki da za a yi farkon Oktoba. Ya wanke su sau uku a ɓoye. Ya ce, "Amana ce fa. Da me zan kalle su?" Kwana 11 yana gudun kiran mutanen, har wani ya fara cewa a unguwa tela ya cinye masa kaya.

Muka ɗauki littafin awonsa da ya tsira don yana saman kanta, muka rubuta sunan kowa da irin kayansa da kuɗin da ya kai. Muka ɗauki jakar a mashin muka bi su gida-gida cikin kwana uku, shi ke magana ni ina tsaye kawai. Kowa sai ya buɗe masa kayansa ya gani da ido. Mutum shida suka yafe nan take, wani dattijo har faɗa ya yi masa cewa don me bai zo tun farko ba. Huɗu suka ce za su sayo wani yadin shi kuma ya ɗinka kyauta. Ɗaya ya ce shi kuɗinsa yake so, shadda ce mai tsada, kuma haƙƙinsa ne, aka yi yarjejeniya zai biya kashi uku. Na so in biya daga ragowar kuɗin gurup ya ce a'a, wannan nasa ne. Sai muka yi wata dabara a fili ba a ɓoye ba, mu shida muka kawo ɗinkinmu da na yaranmu muka biya kuɗin aiki gaba ɗaya tun kafin ya yanka. Wannan ya karɓa ba gardama.

Kwana 40, tsakiyar Oktoba

Iyalin sun koma gida 24 ga Satumba, kwana 12 suka yi a wajena maimakon satin da na ce. Kuɗin gurup ya ƙare a wuta, rijiya, katifa, gyaran keke, waya, magani da abinci, na rubuta lissafin na tura wa ciyaman shi kaɗai. An yi bikin da ankon da ya ɗinka. Ya biya kashi biyu na shaddar. Keke mai mota yana nan a rufe. Firij ba a maye ba. Bango ya bushe amma layin nan ja yana nan don ba a yi fenti ba. Gida bai canza ba, ya nemi ɗaki a sama kuɗin haya ya fi ƙarfinsa, abin da ya yi shi ne ya sa kafinta ya buga masa kanta kusa da silin, kayan mutane da takardu can suke kwana cikin leda. Matarsa ta gaya wa matata duk daren da hadari ya haɗu ba ya barci, sai ya ɗauki tocila ya dinga fita duba kwalbati.

Abin da na gani a lamarin

Kiran da na yi ranar farko bai gaya min komai ba, kuma laifin tambayata ne. Mutumin da ya saba ciyar da gidansa, ka ce masa me kake buƙata, ka ɗora masa aikin roƙo ne, alhamdulillahi zai ce maka, kuma ba ƙarya ya yi ba, godiyar Allah yake yi da ya fita da 'ya'yansa. Ni ne na mayar da godiyar ta zama rahoto har na kai gurup, wannan saƙon nawa ya sa mutane da dama suka ɗauka ba sai sun je ba. Jajen taro ba na cewa a bari, ya ji daɗin ganinmu ya faɗa min daga baya, amma a ƙofar gida aka yi shi kuma duk matsalar tana ciki. Gudummawa ta tsaya ne saboda hoton ɗakin matarsa, da aka rufa masa asiri kuɗin ya kusa ninka uku kuma ya karɓi aikin da aka yi da su.

Kwana uku da na yi ban koma ba su suka fi tsada, a cikinsu ne aka koma kwana kan danshi, aka sha ruwan rijiya, Hajiya ta zauna ba magani, keke ya yi tsatsa. Da ban kira matata ba kuwa da ban ji maganar yaron a ranar ba, kayan mutane ma wataƙila sai an kai shi ƙara zan ji. Gaggawar da na yi kan katifa da leda don ido ne, so nake a ga an gama. Har yanzu akwai abin da ban san yadda zan yi da shi ba, gidan yana inda yake kogin ma haka. Na sa lambar maƙwabcinsa biyu a wayata, kuma mun yi da shi daga farkon Agusta mai zuwa keke mai mota da jakar takardu za su dawo Kawo.